Wasa ɗaya ke yanke min tikiti, wanne zan cire?

Assalamu alaikum Malam. Shekarata 27, ina da mata da ɗa ɗaya, ina zaman shagon cirar kuɗi na yayana. Na san caca haramun ce, don Allah ba wa'azi nake nema ba, lissafi nake so. Tikiti goma a jere sun ƙone min, huɗu daga ciki wasa ɗaya tak ya yanke su, har na fara zargin ko baki ne ya kama ni. Kuɗin daga na shago nake ɗiba, yanzu giɓin ya kai naira 60,000, kuma yaya zai yi lissafi ƙarshen wata. Matata ta ba ni ajiyar naira 10,000, kuɗin zubin adashenta. Abokina ya turo min tikiti mai wasa biyar, ya ce wannan ba ya tashi: babbar ƙungiyar Ingila ta ci a gida, odi 1.25, `Over 1.5`, wato a zura ƙwallo biyu ko fiye, a wani wasan Jamus, 1.30, babbar ƙungiyar Sifaniya ta ci a waje, 1.60, `GG`, wato kowace ƙungiya ta zura ƙwallo, a wani wasan Italiya, 1.70, sai wata ƙungiya a ƙaramar gasa ta ci a gida, 1.45. Jimilla 6.41, idan na sa dubu goman zan samu naira 64,090. Na haɗo da hotunan shafin kowane wasa. Wanne ne mai rauni in cire shi, kuma mece ce ainihin damar tikitin?

Wa alaikumus salam, ƙanina. Tunda ka riga ni faɗin hukuncin, ba zan maimaita maka abin da ka haddace tun kana Islamiyya ba. Lissafi ka nema, lissafi zan ba ka, kuma zan yi shi tsakani da Allah, ba zan murɗe lamba ko ɗaya don in tsorata ka ba. Na gode da ka turo hotunan shafukan gaba ɗaya, domin tikitin shi kaɗai ba ya faɗin gaskiya. Gaskiyar tana cikin lambobin da ke kusa da wanda ka zaɓa, waɗanda ido ke tsallakewa. Ɗauko kalkuletar wayarka mu yi tare, kada ka yarda da ni a baki.

Odi ba alƙawari ba ne, farashi ne. Kamfani na sayar maka da wata dama, odin kuma shi ne kuɗin da ya yanka mata. Hanyar mayar da shi kashi cikin ɗari gajeriya ce: `100 ÷ odi`. Wasanka na farko, 100 a raba da 1.25, ya ba da 80. Wato farashin yana nuna kamar a wasa ɗari irin wannan, ƙungiyar gida za ta ci tamanin. Da a nan maganar ta tsaya, da sai mu ce to, ba laifi. Amma duba hoton da ka turo. Kunnen doki an sa masa 6.00, nasarar baƙi kuma 11.00. Yi musu irin wancan rabon: kunnen doki ya ba da 16.7, baƙi suka ba da 9.1. Haɗa ukun, 80 da 16.7 da 9.1, za ka ga 105.8.

Ka tsaya a kan wannan lambar, domin ita ce kan zancen. Wasan ƙwallo ba shi da mafita ta huɗu: ko gida ta ci, ko a tashi canjaras, ko baƙi su ci. Ukun nan idan aka haɗa su dole su ba da ɗari cif. To daga ina biyar da ɗigo takwas ɗin nan ta fito? La'adar kamfani ce. Kamar dillalin kara ne da ya karɓi la'ada a hannun mai saye, ya karɓa a hannun mai sayarwa, ko saniyar ta yi albarka ko ba ta yi ba shi ya riga ya sa nasa a aljihu. Bambancin kawai, dillali yana faɗa maka nawa ya ɗauka, kamfani kuwa ya narkar da nasa cikin farashi.

Cire la'adar ba wuya. Ka raba kason wanda ka zaɓa da jimillar: 80 a raba da 105.8, a ninka da ɗari, ya zama 75.6, mu ce 76. Wannan ya fi kusa da ainihin abin da kamfanin ke gani. Wasan da abokinka zai rantse maka a kansa, a idon masu kuɗin da kansu, kusan sau ɗaya cikin huɗu yana tashi. Kuma ba sai na je nesa neman misali ba. Kana gidan kallo ko kana kan waya a watan Nuwamban 2022 lokacin da Saudiyya ta doke Ajantina da ci 2 da 1 a Katar, Ajantinar da ta yi wasa 36 a jere ba a ci ta ba, ita ce kuma ta ɗauki kofin daga baya. Ranar nan babu wanda ya yi wa kowa baki. Kashi ɗin nan da ake rainawa ne ya zo karɓar rabonsa.

Sauran huɗun haka na bi su. Na Jamus, `Over 1.5` a 1.30 ya ba da 76.9, kishiyarsa `Under 1.5` a 3.40 ta ba da 29.4, jimilla 106.3, bayan cire la'ada ya sauko 72. Na Sifaniya, 1.60 ya ba da 62.5, kunnen doki a 4.00 da masu gida a 5.50 suka kai jimillar 105.7, ya sauko 59. Na Italiya, `GG` a 1.70 ya ba da 58.8, kishiyarsa `NG` a 2.05 ta ba da 48.8, jimilla 107.6, ya sauko 55. Na ƙaramar gasar, 1.45 ya ba da 69, kunnen doki a 3.80 da baƙi a 5.75 suka ɗaga jimillar har 112.7, ya sauko 61. Ka riƙe lambobi biyar ɗin nan kawai, sauran ka bar su: 76, 72, 59, 55, 61.

Wani zai kalle su ya ce ai duk sun haura rabi, ashe tikitin ya fi kusa da ci. A nan ne kan mutane ke kwancewa. Tikiti mai wasa da yawa ba a haɗa damarsa, ba a kuma ɗaukar tsaka-tsakinta, ninka ta ake yi, kuma ninka lambobin da ba su kai ɗaya ba raguwa yake kawowa. Ka ɗauka matasa ɗari ne suka riƙe irin tikitin nan, kowanne a mako daban, za su bi ta ƙofofi biyar. Ƙofar farko ta bar 76 suka wuce. A ta biyu, kashi 72 na waɗannan ne suka tsira, saura 55. Ta uku ta bar kashi 59 na 55, saura 32. Ta huɗu ta bar kashi 55 na 32, saura 18. Ta biyar ta bar kashi 61 na 18, saura 11. A kalkuleta ga yadda yake:

```
0.76 × 0.72 × 0.59 × 0.55 × 0.61 = 0.108
```

Amsar tambayarka ta biyu ke nan. Damar tikitin kusan kashi 11 ce cikin ɗari, wato sau ɗaya cikin tara. Odin 6.41 yana sa ka ji kamar sau ɗaya cikin shida ne da ɗan ɗoriya. Abin da ke faɗuwa sau ɗaya cikin tara kuwa, farashin adalcinsa ya haura 9, ba 6.41 ba. Da babu la'ada, dubu gomanka sama da naira 92,000 ya kamata a yi maka alƙawarinsu, sai aka rubuta maka 64,090.

In faɗa maka iyakar wannan lissafin, don kada wani ya zo ya ce na yi maka rufa-rufa. Hanyar da na bi ta raba la'ada daidai wa daida tsakanin zaɓuɓɓuka, alhali kamfanoni sukan fi ɗora nauyinta a kan manyan odi. Saboda haka mai yiwuwa 76 ɗin nan ya zama 78, sha ɗayan nan ta ƙarshe ta ɗan haura zuwa sha biyu. Ba za ta zama talatin ba, balle hamsin. Sannan ninkawar ta yi daidai ne don wasannin biyar a filaye biyar suke, babu ruwan wani da wani. Da a ce zaɓi biyu daga wasa ɗaya suka fito, kamar gida ta ci kuma a zura ƙwallo sama da biyu, da ninkawa kai tsaye ta ba da amsar ƙarya, domin ɗaya yana jan ɗaya. Naka ba shi da wannan matsalar.

Yanzu batun baki. Na daɗe a kan wannan sashe na wasiƙarka, domin na san yadda abin ke ci a rai. Daren Lahadi, huɗu sun shiga, allon waya ya yi kore sau huɗu, kana zaune a bakin benci kana jan shafi ƙasa da babban yatsa kana jiran wani wasa da ko kallonsa ba ka yi, minti na 88 sai ka ga ja. Mutum ya tashi gwiwa ba ƙwari, yana cewa saura ƙiris. To bari in nuna maka girman ƙiris ɗin. Na lissafa damar a ce wasa ɗaya rak ya tashi a tikitinka, sauran huɗun su shiga, sai ta fito kashi 31 cikin ɗari. Ka kwatanta: ci gaba ɗaya 11, yankewar wasa ɗaya 31, tashin biyu ko fiye 58. Ashe tikiti irin wannan, yankewa da wasa ɗaya ta ninka ci kusan sau uku. Idan tikitinka goma na baya masu kama da wannan ne, abin da lissafi ke tsammani shi ne uku su yanke da wasa ɗaya. Kai ka samu huɗu. Shi kuma ƙonewar goma a jere, damarsa kusan ɗaya cikin uku ce. A cikin abokanka uku masu irin wannan wasa, ɗaya yana cikin halin da kake ciki yanzu, shiru kawai ya yi.

Babu wanda ya yi maka baki, ƙanina. Kada ka ɗora wa maƙwabci ko ɗan'uwa zargin abin da kalkuleta ta riga ta faɗa. Kuma ka lura da illar wannan ƙiris ɗin: shi ne ke dawo da mutum. Wanda wasa huɗu suka tashi masa yakan ji kunya ya haƙura. Wanda ɗaya ya yanke masa kuwa gani yake ya iya, sa'a ce kawai ta kuɓuce. Alhali tikiti mai huɗu cikin biyar da mai sifili cikin biyar kuɗi ɗaya suke biya.

Sai tambayarka ta farko, wanne ne mai rauni. Rauni iri biyu ne, kuma ba wasa ɗaya suke nunawa ba. Idan kana nufin wanda ya fi saurin tashi, `GG` ɗin Italiya ne, mai kashi 55, kusan jefa kwabo sama ne. Cikin sau 31 ɗin nan da wasa ɗaya zai yanke ka, tara nasa ne, na Sifaniya yana biye da shi. Wannan kowa zai iya hangowa, tunda shi ne mai odi mafi girma.

Wanda ba a hangowa shi ne na ƙaramar gasar, kuma shi na fi ƙi a tikitin nan. A ido yana da kyau, 1.45, kamar ya fi na Sifaniya tabbas nesa ba kusa ba. Amma da muka tuɓe musu la'ada sai ga su kusan kai ɗaya, 61 da 59, alhali ɗaya 1.60 yake biya, ɗayan 1.45. Dalili shi ne la'adarsa ta kusa kai 13, ta ninka ta manyan wasannin. Ga yadda za ka auna kowane zaɓi da kanka: ninka damarsa ta gaskiya da odinsa. Na Sifaniya, 59 sau 1.60 ya ba da kusan 94 da rabi, wato duk naira ɗari da ka sa, a tsawon zamani kusan 94 ke dawowa. Na ƙaramar gasar, 61 sau 1.45 bai kai 89 ba. A manyan gasanni kamfanoni suna gasa da juna, kuɗi masu yawa suna shiga, sai su rage la'ada. A ƙananan gasanni babu mai matsa musu, su ma labarinsu bai cika ba, sai su kare kansu da aljihunka. Kuma ka tambayi kanka tsakani da Allah: ka san sunan mai tsaron gidan ƙungiyar nan? Ka san ko an biya 'yan wasanta albashi, ko kocinta zai hutar da manya saboda wani wasan kofi? Ni na fi zaton an jefa wasan ne a tikitin don jimillar ta haura shida kawai.

Har na farkon ma, wanda ake kira ginshiƙi, ka dube shi da wannan idon. Kwata yake ƙara wa kuɗin da za ka ci, kuma kusan kwata yake ɗauke wa damarka. Ba kyauta ba ne. Babu wasan da ke shiga tikiti bai shigo da la'adarsa ba, kuma la'adar ita ma ninkuwa take yi. Biyar ɗin nan, da aka ninka su, daga kusan shida cikin ɗari a wasa ɗaya sun koma kusan 31 cikin ɗari a tikitin gaba ɗaya. Ma'ana, duk dubu goma da aka zuba a irin wannan tikiti, idan aka yi ta maimaitawa aka kasafta, kusan naira 6,940 ke dawowa, 3,060 sun tafi. Ko da an yi maka ƙarin kashi goma na bonas a kan abin da ka ci, dawowar ba ta wuce 7,600 da 'yan kai ba. Shi ya sa ake bonas a kan tikiti mai wasa da yawa, ba a yi a kan wasa ɗaya. Mai kanti ba ya gyara a kan kayan da ba shi da riba.

To a cire mai raunin mana, ai abin da ka tambaya ke nan. Mu gwada. Cire na ƙaramar gasar: odi ya koma 4.42, dama ta hau kashi 18, abin da za ka ci naira 44,200. Cire `GG` a bar wancan: odi 3.77, dama kashi 20, kuɗi 37,700. Cire su duka biyun: odi 2.60, dama kashi 32, kuɗi 26,000. Ka ga inda muka dosa. Duk wasan da ka cire, tikitin yana ƙara lafiya, amma yana ƙara nisa da naira 60,000 da kake nema. Ko da ka tankaɗe shi ya koma wasa ɗaya mafi kyau, naira ɗarinka 94 ko 95 take dawowa, ba ta taɓa cika ɗari ba. Tankaɗe yana rage asara ne, ba ya mayar da ita riba.

Akwai kuma wani ɗan lissafi da na ga ba ka yi ba, shi ya fi tsaya min a rai. Mu ɗauka sa'ar nan ta ɗaya cikin tara ta faɗo, ka ci 64,090. Dubu goman ciki na matarka ne, dole su koma wurin uwar adashe. Saura 54,090. Giɓin shago 60,000 ne. Wato ko a ranar da komai ya tafi daidai, ramin bai cike ba, saura kusan dubu shida, kuma ni da kai mun san inda za ka je neman cikon. A sauran takwas ɗin cikin tara kuwa, za ka wayi gari Litinin da bashin naira 70,000, mutum biyu na binka maimakon ɗaya, kuma ɗayansu da ita kake kwana ɗaki ɗaya. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

Saboda haka shawarata ta farko ba ta jira ƙarshen wata ba, ta yau ce. Ka mayar wa matarka kuɗinta kafin ka kwanta, ko ka ce ta kai wa uwar adashe tun kafin ranar zubi. Ba ta ba ka ajiya don ba ta da inda za ta ɓoye ba, ta ba ka ne don tana ganin hannunka ya fi ƙarƙashin katifa aminci. Idan kuɗin suka salwanta, ba kai za a nuna da baki a cikin mata ba, ita ce za a ce ta kasa zubi, kuma mace ta san zafin wannan fiye da yadda muke zato. Ba lalle ka zazzage mata komai a daren nan ba. Amma ina ganin ya kamata ta ji daga bakinka cikin kwanakin nan, domin za a tsuke bakin aljihu a gidan na wasu watanni, kuma ba adalci ba ne ta ga cefane ya ragu ba ta san dalili ba.

Sai yayanka. Na san abin da kake tsoro: faɗa, kunya, ƙila ma ya karɓe makullin shago, maganar ta kai gaban iyaye. Ba zan ce maka ba zai yi fushi ba, yana da haƙƙin yi. Ka sa kanka a matsayinsa. Shagon cirar kuɗi da jari yake numfashi, dubu sittin da suka fita daga akwati kwastomomi ne da aka ce wa babu kuɗi suka tsallaka shagon gaba, shi kuma yana can yana zaton kasuwa ce ta ja baya. Amma akwai tazara mai nisa tsakanin ƙanin da ya zo da ƙafarsa ya ce "Yaya, na yi maka laifi, ga adadin", da wanda aka buɗe littafi aka kama. Na farko ya ci amana sau ɗaya ya dawo. Na biyu, yaya zai koma yana tuhumar duk lissafin da kuka taɓa yi tun ranar da ka fara zama a shagon. Ka same shi kafin ranar lissafi, ba a shago ba, a gida bayan sallar isha'i. Ka tafi da takarda a hannu, ka rubuta ranakun da ka ɗiba da adadin kowanne, ka faɗi gaskiyar inda kuɗin suka tafi. Kada ka ce an turo maka alat na bogi, kada ka ce ɓarayi ne, ramin ƙarya ƙurarre ne kuma bayanan na'ura suna nan. Idan kana jin ba za ka iya kallon idonsa kai kaɗai ba, ka ɗauki wani babba da yake jin nauyinsa, kawu ko limamin unguwa, mutum ɗaya mai riƙe sirri.

Kada ka je da ban haƙuri kaɗai, ka je da tsarin biya. Ba ka faɗa min abin da kake samu a wata ba, amma in dubu goma za ta iya fita, wata shida ne ka gama. In dubu biyar ce, shekara ɗaya. Ka ce ya riƙa cirewa tun daga tushe kafin haƙƙinka ya shigo hannunka. In kana da abin da za ka iya rabuwa da shi, kamar babbar waya ka koma ƙarama, ka sayar ka kai masa wani kaso a dunƙule ranar da za ku yi maganar, wannan yana sanyaya zuciya fiye da dogon bayani. Abin da ban yarda ka yi ba shi ne cin bashin manhajojin waya ko na mai ruwa don toshe ramin a ɓoye. Sannan ka roƙe shi da kanka ya koma yin lissafi kullum da yamma, ko a ƙalla duk mako, maimakon wata-wata. Zai zama kamar ka ɗaure kanka, kuma haka ne. Wata guda cur kana zaune da kuɗin wani a akwati, manhajar caca tana aljihunka, wannan jarabawa ce da ta fi ƙarfin mutane da yawa da suka girme ka.

Abokinka ban ɗauke shi mugu ba. Wataƙila shi ma turo masa aka yi, kuma ya yarda da abin har zuciyarsa. Ka yi masa tambaya ɗaya cikin raha: ya buɗe tarihin asusunsa na wata uku, ku haɗa abin da ya zuba da abin da ya cira. Masu turo tikiti hoton wanda ya ci suke nunawa, ba a ɗaukar hoton tara da suka ƙone. Daga nan ka gaya masa a sarari ya daina turo maka, kuma ka fita daga zaurukan da ake raba lambobin. In manhajar da kake amfani da ita tana da wurin rufe asusu ko dakatar da kai, ka yi amfani da shi, sannan ka goge ta, ka cire katin bankinka daga ciki. Kwanakin farko, musamman yammacin Asabar, hannunka zai riƙa kai kansa aljihu. Ka sama wa lokacin wani abu tun kafin ya zo, ko da ɗaukar ɗanka ne ku je gaida kakarsa. In ka ga abin ya ci tura, barci ya ƙaurace, ko ka sake taɓa kuɗin da ba naka ba, to ya wuce batun ƙarfin hali, ka nemi likitan da ke duba matsalolin ƙwaƙwalwa da ɗabi'a a babban asibiti, suna ganin irin wannan kamar yadda suke ganin na shaye-shaye.

Na san akwai muryar da za ta riƙa ce maka, to in tikitin nan ya shiga fa? Zai iya shiga, sau ɗaya cikin tara ba sifili ba ne, kuma ba na so ka dawo ka ce na cuce ka. In ya shiga bai ƙaryata lissafin ba, kamar yadda in ya ƙone bai tabbatar da shi ba, mako ɗaya ba ya shaidar komai. In kana son shaida, ka samu littafi na naira ɗari biyu, ka rubuta duk tikitin da ranka ya raya maka da odinsa, ba tare da ka sa ko kwabo ba, ka ɗauka kowanne dubu ɗaya ne. Idan sun kai hamsin ka haɗa shafin shiga da na fita. Ka fara da na Asabar ɗin nan, bayan dubu goman sun isa hannun uwar adashe. Ka sake rubuto min bayan kun zauna da yaya, ina son in ji yadda kuka rabu.